Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanina: Abin Da Ya Raba Kan Masoya Naruto A Zangon Ƙarshe

Ƙanina,

Saƙonka ya iso ni da daddare, kuma daga yadda ka jero tambayoyi ba ko sallama na gane cewa ka gama kallon Naruto ke nan, ranka a dagule. Ka ce kai dai ka ji daɗin ƙarshen, har ƙwalla ta taru maka, amma da ka faɗa wa abokanka sai biyu daga cikinsu suka yi maka ca, wai ba ka san labari ba, wai an ɓata rawa da tsalle. Kana so in raba gardama. Raba wannan gardama ya fi ƙarfina, domin ta girmi shigarka makarantar sakandare, amma zan iya nuna maka inda bakin zaren yake. Da yake na san za ka miƙa wa wasu wannan takarda, duk wanda bai kai ƙarshen labarin ba ya ajiye ta tukuna, don zan fasa ƙwai.

Bari in fara da tsawon abin, saboda rabin rigimar daga nan ta taso. Masashi Kishimoto ya fara zana labarin a mujallar Weekly Shonen Jump ta Japan a 1999, ya rufe shi a watan Nuwamba na 2014, babi 700 cif. Kamfanin Pierrot ya mai da shi zane mai motsi: kashi 220 na Naruto yana yaro daga 2002 zuwa 2007, sannan kashi 500 na Shippuden daga 2007 zuwa Maris ɗin 2017. Zangon da ake ta da jijiyar wuya a kansa shi ne Yaƙin Ninja na Huɗu, wanda a littafi ya kama daga wajen babi na 516 har zuwa 699. Wato fiye da rubu'in labarin gaba ɗaya ya ƙare ne a fagen yaƙi guda, yaƙin da a cikin labarin kwana biyu kacal ya ɗauka. Kai ka shanye shi a hutun makaranta ɗaya, a wayar da aka tura maka shi a shago. Mu kuwa shekaru muka yi muna jiran mako ya zagayo.

Kada ka raina wannan bambanci. Ga misali ɗaya da har yau idan na tuna nake jin haushi. A littafi, Madara ya saki mafarkin nan da ake kira Infinite Tsukuyomi a babi na 677, ya jefa duk duniya cikin barci, a babi na 678 kuma aka soke shi ta baya. Mako ɗaya ne tsakani. A talabijin kuwa, an saki mafarkin a kashi na 426, sukar ba ta zo ba sai a kashi na 458. Abin da ke tsakani, mafi yawansa ciko ne, wato labaran da ba sa cikin littafin, waɗanda kamfani ke ƙirƙira don ya ja lokaci. Aka shiga nuna mana mafarkin Tenten, da na Killer Bee, da na Karin, sannan mafarkin Tsunade wanda shi kaɗai ya ci kashi goma sha tara. Watanni muka yi a haka. Ina tuna wata Alhamis da na sayi data da kuɗin da ya kamata in ci abincin rana da su, na zauna a bakin tagar ɗakinmu inda sabis ya fi kamawa, na jira abin ya sauka, na buɗe, sai na tarar har yanzu muna cikin mafarkin Tsunade. Na kife wayar a kan katifa na fita neman wanda zai ranta mini kuɗin garau-garau.

Asalin ciko yana da uzuri. Mai zane yana fitar da babi ɗaya a mako, shafi goma sha wani abu, shi kuwa kashi ɗaya na talabijin yakan cinye kimanin babi biyu. Idan ba a ja birki ba, talabijin za ta kamo littafi, a rasa abin nunawa. Amma wannan uzuri ya faɗi a ƙarshen 2014, tunda a lokacin littafin ya riga ya ƙare, babu sauran abin da ake gudun kamowa. Duk da haka aka ƙara fiye da shekara biyu ana ja. Shi ya sa idan ka ji wani tsohon mai kallo yana cewa yaƙin ya gundure shi, kai kuma kana ganin ai abin gudu yake yi, ku biyun duk gaskiya kuka faɗa. Ba abu ɗaya kuka kalla ba.

To amma ko an cire ciko duka, gardamar tana nan, don waɗanda littafi kawai suka karanta ma sun rabu. Ainihin wurin da aka rabu shi ne waccan sukar da na ambata, kuma a nan nake so in daɗe.

Ka tuna yadda aka gina Madara. Tun Naruto yana yaro muka ga gunkinsa tsaye a Kwarin Ƙarshe yana fuskantar na Hashirama. A farkon Shippuden dodon nan mai wutsiya tara ya ambaci sunansa. Daga baya mai rufe fuska ya ari sunan, ya tsorata ƙasashe biyar da shi har suka haɗa runduna ta mutum 80,000. Da Madara na gaskiya ya bayyana a babi na 559, sai ya shiga cikin runduna guda shi kaɗai yana kakkaɓe su kamar mai kaɗe ƙura daga riga, ya jawo wani ƙaton dutse daga sama, da aka tare shi da ƙyar ya sako na biyu a kansa. Ya haɗa shugabannin ƙauyuka biyar ya yi musu jina-jina. Kuma ba ƙarfi kawai aka ba shi ba, an ba shi dalili. An nuna mana shi yana yaro a bakin rafi yana jifan ruwa da duwatsu tare da Hashirama, su biyun duk sun binne ƙannensu a yaƙin da manya suka tura yara. Tare suka yi mafarkin kafa gari inda ba za a ƙara kai yaro fagen fama ba, suka kafa Konoha. Sai ƙaninsa Izuna da ya rasa a hannun Tobirama, da rashin yardar da ake nuna wa danginsa, suka ci gaba da cin sa, har ya yanke hukuncin cewa ɗan Adam ba zai taɓa zama lafiya a farke ba, gara a sa kowa barci ya yi mafarkin abin da yake so. Ra'ayi ne karkatacce, amma ra'ayi ne da za ka iya zama ka yi muhawara da shi.

Kusan babi 120 aka yi da wannan mutum a fage. Duk mai kallo yana jiran abu ɗaya: ta yaya za a kayar da shi, kuma wace amsa Naruto zai ba shi? Sai ga Black Zetsu, wanda Madara ya ɗauka nufinsa ne da ya cusa a jikin wata halitta, ya zura masa hannu ta baya ya fasa ƙirjinsa, ya ce shi ba na Madara ba ne, na Kaguya ne. Jikin Madara ya kumbura, wata mata mai ƙaho da ido uku ta fito daga ciki. Sunanta bai taɓa fitowa a labarin ba sai a babi na 646, wato an ci fiye da kashi casa'in cikin ɗari na tafiyar kafin a ji ɗuriyarta. Ta fito a babi na 679, aka rufe ta a na 690.

Abokanka za su ce laifin Kaguya shi ne ta faɗo daga sama ba sallama. Wasu ma sukan ce marubucin ya gina Madara ne har ya rasa yadda zai rushe shi, sai ya nemo mafita ta ƙofar baya. Ni a ganina wannan ƙaramin laifi ne. Babban shi ne abin da Zetsu ya faɗa bayan sukar. Ya ce shi ne ya yi ta saƙa tarihin ninja tun fil azal don ya dawo da uwarsa. Shi ya zuga Indra a kan ƙaninsa Asura, shi ya sauya rubutun da ke kan allon dutsen da dangin Uchiha suka gada, wanda Madara ya karanta ya gina duk shirinsa a kai.

Ka tsaya ka auna abin da wannan magana ta yi wa duk abin da ka kalla a baya. Abin da ya bambanta Naruto da sauran labaran duka da naushi shi ne, mugayensa mutane ne da zamansu ya ƙera. Haku maraya ne da aka tsana saboda jininsa, ya manne wa mutum na farko da ya ce yana da amfani. Gaara mahaifinsa ne ya mai da shi makami, sannan ya aika a kashe shi. Nagato yaro ne daga ƙaramar ƙasa mai yawan ruwan sama wadda manyan ƙasashe suka mayar filin dagarsu, kuma ninjan Konoha ne suka kashe iyayensa a gabansa. Lokacin da ya danne Naruto a ƙasa, ya kafe masa hannuwa da sandar ƙarfe, ya tambaye shi yadda zai kawo ƙarshen wannan ramuwar gayya da ba ta ƙarewa, Naruto ya rasa amsa. A nan labarin ya fi tsayi, domin ya yarda cewa garin jarumin ma yana da jini a hannu. Sai a ƙarshe aka ce mana ai akwai wani baƙin abu a ɓoye da ke kaɗa gangar tun farko. Da zarar an samo dodo, mutane sun huta da tuhuma. Madara ya tashi daga mutumin da baƙin ciki ya karkatar, ya koma wanda aka yi wa wayo. Ba a karya hujjarsa ba, an dai cire shi daga fage, ya mutu a kwance kusa da Hashirama bayan an gama komai.

Ita kanta Kaguya ba ta da bakin magana sosai. Zetsu ne ke laɓe a hannun rigarta yana yi mata bayani da shawara. Ba ta san Naruto ba, ba ta da wata jiƙaƙƙa da shi, cakra kawai take so ta ƙwato, wato ƙarfin jiki da na ruhi da ninja ke sarrafawa, wanda take ganin nata ne aka rarraba. Naruto kuwa babban makaminsa baki ne. Da magana ya juya Zabuza, da Gaara, da Nagato, da Obito. An kawo shi gaban abokiyar gaba ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ce ba abin da zai ce mata.

Yanzu bari in juyo ɓangarenka, don ba ka rasa hujja ba. Mai kallo a Japan bai ga Kaguya a matsayin baƙuwa kamar yadda muka gan ta ba. Sunan ya fito ne daga wata tsohuwar tatsuniyarsu mai shekara fiye da dubu, ta wani tsoho mai saran gora da ya tsinci jaririya a cikin gora, ta girma ta zama kyakkyawa, a ƙarshe ta koma wata inda ta fito. Kowane yaro a can ya san ta, kamar yadda ba sai an gabatar maka da Gizo da Ƙoƙi ba. Kuma Kishimoto ya daɗe yana ɗebowa daga wannan rumbu: Jiraiya da Tsunade da Orochimaru sunaye ne daga wani tsohon labarin Japan, Amaterasu da Tsukuyomi da Susanoo kuma sunayen abubuwan bauta ne a addininsu na gargajiya. Labarin da shirin mugunsa ya rataya a kan wata, in ya ƙare da gimbiyar wata, a wurinsu bai yi nisa da gida ba.

Sannan Kaguya ta yi wani aiki da Madara ba zai iya ba. Ta kwashe Naruto da Sasuke da Sakura da Kakashi ta kai su wata duniya, inda babu runduna, babu kowa sai su da Obito. Tun da Sasuke ya gudu daga gari ake jiran ranar da waɗannan huɗun za su sake tsayawa wuri guda. Ka tuna jarrabawar ƙararrawa ta ranar farko, inda Kakashi ya kusa korarsu saboda kowa ya yi ta kansa? A rufe Kaguya, Naruto ya zo ta gefe, Sasuke ta ɗaya gefen, ta yunƙura za ta tsere sama, Sakura ta sauko mata da naushi a ka. Darasin ranar farko ne aka biya a ranar ƙarshe. Wanda ya zo kallo don waɗannan yara, a nan ya sami abin da ya zo nema, kuma ina jin kai kana cikinsu.

Akwai gardama ta biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan, ita ce ta gado da ƙoƙari. A jarrabawar Chunin, Neji ya tsaya gaban Naruto ya ce kowa da abin da aka rubuta masa tun haihuwa, na kasa ba ya zama na sama. Yana da dalilin faɗa: an yi masa tambari a goshi yana ƙarami don ya zama bawan babban gidan Hyuga, mahaifinsa kuma ya mutu a madadin ɗan'uwansa tagwai. Naruto, wanda ya faɗi jarrabawar makaranta sau uku, ya buge shi. Yara da yawa a duniya sun riƙe wannan faɗa a matsayin alkawarin labarin. To sai ga shi a hankali an bayyana cewa Naruto ɗan Hokage na Huɗu ne, uwarsa 'yar dangin Uzumaki ce masu cakra kamar teku, shi ne yaron da aka yi annabcin zuwansa, a ƙarshe kuma, a tsakiyar yaƙi, Hagoromo ya bayyana ya ce cakran ɗansa Asura ne ke tare da Naruto, na Indra kuma tare da Sasuke, ya miƙa musu ƙarfi hannu da hannu. Shi kuwa Neji, a babi na 614, ya tare wasu tsinannun itatuwa da jikinsa don ya kare Hinata da Naruto, ya mutu. Ɗan ƙaramin gida ya mutu yana kare 'yar babban gida, daidai abin da ya ce an rubuta masa. Masu suka suka ce to ai Neji ne ya yi gaskiya.

Wannan hujja tana da kaifi, amma ba ta cika ba, kuma a nan ina ganin abokanka sun yi gaggawa. Naruto bai taɓa zama yaro kamar kowa ba. Tun babin farko akwai dodo a cikinsa, kuma da cakran dodon ya tashi bayan Neji ya toshe masa hanyoyin nasa. Wanda ke wakiltar zallar ƙoƙari shi ne Rock Lee, kuma Gaara ya karya masa hannu da ƙafa tun a zagayen share fage. Labarin bai taɓa ɓoye cewa gado yana da nauyi ba. Bayan haka, abin da aka gadar wa Naruto da Sasuke ba sarauta ba ce, gaba ce. Indra da Asura sun yi faɗa, Madara da Hashirama sun maimaita har Hashirama ya soki amininsa ta baya a wannan kwari. Abin da aka rubuta shi ne ɗaya ya kashe ɗaya. Naruto ya ƙi. Neji ma, masu kare labarin za su ce maka, ba tambarin ne ya tura shi ba, shi ya zaɓa, kamar yadda mahaifinsa ya bar wasiyyar cewa shi ma zaɓa ya yi. Ni dai na karɓi rabin wannan. Rabin da ban karɓa ba shi ne, yaro mai shekara goma sha biyu da ya ga kansa a cikin Naruto saboda shi ma ana ce masa daƙiƙi a aji, ba zai ji daɗi ba ranar da aka gaya masa cewa gwaninsa jinin manya ne ta kowace kusurwa.

Ka lura kuma da yadda faɗan kansa ya sauya. A karon farko da Zabuza, Kakashi na tsare cikin ƙwallon ruwa, yara biyu suka rasa ƙarfin tunkarar mutumin. Sai Naruto ya rikiɗa ya zama babban makamin jifa, Sasuke ya wurga shi a ɓoye ƙarƙashin inuwar na gaske, ya wuce Zabuza ya dawo mutum ta bayansa. Dabara ce da za ka iya bi daki-daki, kuma tana da farashi: bayan wannan faɗa Kakashi ya kwanta kusan mako guda saboda ya yi amfani da idonsa fiye da kima. A ƙarshen yaƙi kuwa, Obito ya mutu, ya dawo daga lahira na ɗan lokaci ya ara wa Kakashi idanu biyu, nan take Kakashi ya tayar da cikakken Susanoo, abin da bai taɓa gwadawa ba. Ƙa'idar da aka koya mana ta cewa komai yana da iyaka ta narke. Haka Might Guy: an daɗe ana gaya mana cewa wanda ya buɗe ƙofa ta takwas mutuwa zai yi. Ya buɗe, ya yi wa Madara dukan da shi kansa Madara ya yaba, jikinsa ya fara zama toka, sai Naruto ya iso ya ɗora masa hannu ya tsayar da mutuwar. Na ji daɗin da Guy ya rayu, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na san an karɓi kukana an ba ni canji.

Inda kusan kowa ke sauke murya shi ne faɗan ƙarshe na Naruto da Sasuke, kashi na 476 zuwa 478. Sun fara da manyan abubuwa masu rusa duwatsu, sannan cakra ta ƙare, aka bar yara biyu 'yan shekara goma sha bakwai suna jan ƙafa cikin ruwa da taɓo, naushi ba ƙarfi, wani ya kai duka ya faɗi da kansa. Babu kiɗa mai yawa a wurin, sai numfashi da ƙarar ruwa. Suka farka kwance gefe da gefe, Naruto ba hannun dama, Sasuke ba na hagu, jininsu ya haɗu a kan dutse, Sasuke ya amsa cewa an ci shi. A nan na san ƙwallarka ta zubo, don tawa ma a nan ta zubo.

Sai dai ko a nan akwai ƙashi a cikin tuwon. Ka saurari abin da Sasuke ya ce yana so kafin faɗan. Ya ce tsarin ƙauyukan ninja ne ya haifi duk wannan bala'i, tsarin da ya sa dattawan Konoha suka umarci yayansa Itachi ya hallaka danginsu kaf a dare ɗaya. Maganinsa mummuna ne: ya kashe shugabanni biyar, ya zama abin tsoron da zai haɗa kan duniya. Amma ciwon da ya nuna na gaske ne. Naruto ya karya maganin, bai taɓa ciwon ba. Aka yafe wa Sasuke, ya tafi yawon duniya. Dattawa biyun da suka zauna a majalisar da aka yanke hukuncin Uchiha ba a tuhume su ba. Orochimaru, wanda ya kashe Hokage na Uku, ya yi gwaji da yara, yana nan da ransa. Ba a zauna an nuna mana ranar da aka soke tambarin gidan Hyuga ba, ba a koma ƙasar Nagato an nuna abin da aka yi mata ba. Babi na 700 ya tsallaka shekaru ya nuna kowa da aurensa da 'ya'yansa, Naruto ya zama Hokage na Bakwai.

Batun wa ya auri wa kuwa, wannan wata kasuwar ce daban, kuma ba zan ɓata tawada a kanta ba. Masu son a haɗa Naruto da Sakura sun yi fushi, masu son Hinata sun yi guɗa, kamfani kuma ya fitar da fim mai suna The Last a Disambar 2014 don ya cike soyayyar da littafin bai ba wa fili ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Shippuden ta rufe a kashi na 500 da shirin bikin aure, ba ta nuna ranar naɗin da yaron ya yi shekara goma sha biyar yana yi mana ihu a kansa ba.

Idan kun sake zama da abokan nan naka, kafin a fara ɗaga murya ka tambayi kowannensu wane wuri ne ya fara kama shi a labarin. Na gwada wannan a majalisarmu. Wanda ya ce faɗan Lee da Gaara, ko zuwan Pain Konoha, kusan kullum shi ne mai jin an ci amanarsa, domin shi dabara da tambayar zaman lafiya suka riƙe shi. Wanda ya ce yaron nan da ke zaune shi kaɗai a kan lilo yana kallon iyayen wasu, ko rabuwar farko a Kwarin Ƙarshe, shi yakan ce ƙarshen ya biya shi. Ni na shigo ta ƙofar Zabuza da Haku, shi ya sa har gobe ina riƙe da Zetsu a zuciya.

Ga aikin da zan ba ka kafin in zo hutun Sallah. Ka sake kallon kashi na 426, ka tsallake kai tsaye zuwa 458 da 459, ka ji yadda abin yake idan ba a tsinka shi ba. Sannan ka koma baya ka kalli zaman Naruto da Nagato, ka zo mini da amsar da kake ganin ya kamata Naruto ya ba Madara da an bar su sun yi magana. Ka gaishe mini da Goggo, ka ce mata ina nan tafe, kuma cajar da ka ara wancan zuwan har yanzu tawa ce.

Yayanka.